Lambar sirrin da ake turo maka a waya: tes, layi na daban, manhajar Authenticator ko passkey, wanne ya fi dacewa da kai?

Duk wanda ya taɓa buɗe WhatsApp ko akawun na banki a waya ya san wannan wajen da ake cewa sa lambar wayarka, sai ka sa, can sai tes ya shigo da lambobi shida, ka kwafa ka zuba shikenan an buɗe maka. Mun saba har ba ma tsayawa mu tambayi kanmu me wannan lambobi shidan suke tabbatarwa. To ba kai suke tabbatarwa ba. Abin da suke tabbatarwa kawai shi ne wanda yake neman shiga ɗin layin yana hannunsa a wannan lokacin, ko kuma wanda layin yake hannunsa ya karanta masa. In ka riƙe wannan maganar, duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa zai zo maka da sauƙi.

Me ya sa ma kamfanoni suka nace sai lambar waya? Dalili na farko tsada. Mutum ɗaya zai iya zama ya buɗe imel hamsin a wuni ɗaya bai kashe ko sisi ba, amma layin waya sai an saya an yi rajista, a Najeriya kuma tun Disambar 2020 hukumar NCC ta ce dole a haɗa kowane layi da NIN, saboda haka lambar waya tana rage musu masu buɗe akawun na bogi. Na biyu ranar da ka manta kalmar sirrinka suna buƙatar wata ƙofa da za su gane ka. Na uku manhajoji irin su WhatsApp da Telegram lambar ce ma sunanka a wajensu, da ita suke haɗa ka da mutanen da ke cikin wayarka. Akwai na huɗu wanda ba sa son faɗa, wato talla. A watan Mayun 2022 hukumomin Amurka sun ci tarar Twitter dala miliyan 150 saboda lambobin waya da imel da mutane suka bayar don tsaro kamfanin ya juya yana amfani da su wajen auna musu talla. A Afrilun 2021 kuma aka watsa bayanan masu Facebook sama da miliyan 500 a intanet, har da lambobin wayoyinsu. Kenan lambarka ba sirri ba ce, kada ma ka gina tsaronka a kan cewa ba wanda ya san ta.

Hanyoyi huɗu zan gwada, kuma da ma'auni huɗu. Kuɗi, nawa za ka kashe yau kuma nawa za ka ci gaba da kashewa. Ɗorewa, wato ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta ko ka yi tafiya inda ba sabis, za ka iya komawa akawun ɗinka ko kai ma an kulle ka a waje. Sauƙi, shin mahaifiyarka da ba ta karanta Turanci za ta iya. Sai haɗari, shi kuma na raba shi uku domin ɓarayin ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda zai sace wayar ya zare sim ɗin, akwai wanda zai je ya yi welkom bak na layinka da sunanka, wato ya karɓi sabon sim mai lambarka, kana zaune a gida, akwai kuma mai daɗin baki wanda bai taɓa komai naka ba, kira kawai zai yi kai da bakinka ka karanto masa lambar. Hanyar da ta tsare ka daga ɗaya ba lallai ta tsare ka daga ɗayan ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Hanya ta ɗaya: tes a layinka na kullum

Wannan ita ce wadda kusan kowa yake kai, layi ɗaya shi ne a jikin allon shagonka, shi ne a katin biki, shi ne a guruf ɗin 'yan ajinku na sakandare, shi ne kuma a banki da BVN da imel. Kuɗi kam ba ka biyan komai, kamfanin da ya turo tes ɗin shi yake biya. Sauƙi ba ta da na biyu, ko rakani-kashi gare ka lambar za ta shigo. Ɗorewarta ma ba laifi ta wani ɓangaren, don in waya ta ɓata ka je ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka su dawo maka da lambarka. Amma sai da sabis, kuma duk mun san takaicin tsayawa gaban mai POS kana jiran tes ya ƙi zuwa, sai bayan lokacinsa ya wuce guda uku su shigo a tare.

Wajen haɗari ne take faɗuwa warwas, duka ɓarayin uku suna iya cin ta. Bari in ba da labarin ƙanwar matata, tana sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Wata Alhamis da yamma ta fito daga kasuwa ta hau adaidaita, kafin ta sauka an zare jakarta ta hannu, ciki akwai waya da katin banki da 'yan canji. Da ta iso gida hankalinta a kwance yake game da wayar, ta ce ai da zanen yatsa ake buɗewa ba wanda zai iya shiga, gobe da safe za ta je banki. Abin da ba ta lura ba shi ne ɓarawon bai damu da wayar ba ko kaɗan. Allura ya sa ya zaro sim ɗin ya zura a wata ƙaramar waya, daga wannan lokacin duk tes ɗin da aka turo mata shi yake karantawa. Layin da aka yi rajistar BVN da shi in aka danna `*565*0#` yana nuna BVN ɗin, `*346#` kuma na NIN ne, ga katin banki a hannunsa mai ɗauke da sunanta da lambobin da ake tambaya wajen sake saita lambar tiransifa. Kafin asuba an kwashe kuɗin kayan mutane da ke cikin akawun ɗin a tiransifa huɗu, kuma alat ɗin duk yana zuwa wajen ɓarawon, ita tana barci. Bayan sati biyu sai ga masu ba da bashi ta manhaja suna kiranta wai ta ci bashi, alhali ko sunan manhajar ba ta taɓa ji ba. Na ga yadda ta zauna a tabarma tana lissafin kuɗin wa da wa za ta biya, wallahi har yau abin yana min ciwo, domin abin da zai tare wannan duka bai kai minti biyu ba.

Abin shi ne PIN na sim. Ba na buɗe sikirin ba, wannan daban ne, a jikin sim ɗin kansa yake zaune, duk wayar da aka sa shi ko aka kashe waya aka kunna sai ya tambaya kafin ya kama sabis. A Android yawanci yana Settings, Security, sai SIM card lock, sunan yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya, ka rubuta SIM lock a wajen bincike na Settings zai fito. A iPhone yana Settings, Cellular ko Mobile Data, sai SIM PIN. Zai fara tambayarka PIN ɗin da sim ɗin ya zo da shi, kada ka yi ta cinka, sau uku in ka kuskure zai kulle ya nemi PUK, shi kuma PUK in aka kuskure sau goma sim ɗin ya mutu sai dai sabo. Ka duba jikin katin da ka ɓallo sim ɗin ko ka kira kamfanin su faɗa maka, in ya karɓa sai ka canza zuwa naka, ba shekarar haihuwarka ba kuma ba ƙarshen lambar wayar ba. Sannan ka hana tes fitowa a kan sikirin in waya tana kulle, don ba amfanin kulle ƙofa a bar taga.

PIN ɗin nan ɓarawo na farko kaɗai yake tarewa. Mai welkom bak bai damu da shi ba tunda sabon sim za a ba shi da lambarka, kuma wannan ba sai talaka ba, a watan Agustan 2019 haka aka ƙwace lambar Jack Dorsey shugaban Twitter na lokacin aka riƙa rubuta abubuwa da akawun ɗinsa. Alamarsa ɗaya ce: kana zaune inda ka saba samun sabis, na kusa da kai mai irin layinka yana waya lafiya, naka ya ɗauke ɗif, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Kada ka ce bari zuwa gobe. Ka ari waya ka kira banki su tsayar da akawun ɗin tukuna, sannan kamfanin layi. Yawancin bankuna suna da lambar USSD da za ka danna daga kowace waya ka toshe akawun ɗinka, ka tambayi bankinka tasu tun yau ka rubuta a takarda a gida.

Hanya ta biyu: layi na daban wanda ba kowa ya san shi ba

Nan tes ɗin ne dai, amma ka raba ƙafa. Layin jama'a daban, layin banki da imel daban, shi na biyun ka sa masa PIN ka zura shi a ƙaramar waya mai madanni wadda ba ta fita yawo da kai sai da dalili. Kuɗinta shi ne sim da rajista da ƙaramar waya, sai ɗan katin da za ka riƙa sa wa lokaci zuwa lokaci. Wahalarta a farko take, sai ka je banki ka cike fom na canza lambar alat, in kana so har ta BVN, kuma wannan ba abin da ake gamawa a tsaye ba ne. Bayan nan sai ɗan takaicin cewa ranar da kake kasuwa kana son tura kuɗi manhajar banki ta nemi lamba, wayar tana gida cikin durowa.

Amfaninta babba ne ga mai kasuwanci. Wanda ya fizge babbar wayarka a titi bai samu komai na banki ba. Mai welkom bak kuma sai ya fara sanin wace lamba ce ma, ita kuwa ba ta jikin allon shago. Mai daɗin baki ne dai har yanzu yana nan, in ya same ka ya tsorata ka cewa za a rufe akawun ɗinka yau, za ka tashi da ƙafarka ka buɗe durowa ka karanto masa.

Sai dai akwai wani rami a wannan hanyar da nake so a kula da shi sosai, shi ne layin da aka ajiye aka manta. Layi ba naka ba ne har abada, in ya yi watanni ba kira ba tes ba sa kati, kamfani yana rufe shi daga baya ya sake sayar wa wani. Wanda ya saya ba ɓarawo ba ne, amma sai ya fara ganin alat ɗin bankinka yana shigo masa, kuma duk akawun ɗin da ka jingina da lambar in ya danna an manta kalmar sirri shi za a turo wa. Saboda haka ka sa wa kanka doka, duk farkon wata ka kunna wayar ka sa kati ko na naira ɗari ne ka kira wani. Haka in za ka bar layi gaba ɗaya, ka fara cire shi daga banki da imel da Facebook, a WhatsApp kuma ka yi amfani da Change number tun layin yana hannunka.

Hanya ta uku: manhajar Authenticator

Irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator, akwai wasu ma, duk tsari ɗaya suke bi. Yadda take aiki yana da kyau a fahimta don shi ne sirrin ƙarfinta da kuma rauninta. Ranar da kake saitawa, shafin zai nuna maka hoton QR, cikin hoton nan akwai wani dogon makulli, manhajar ta ɗauka ta ajiye, shafin ma yana da irinsa. Daga nan kowannensu yana haɗa makullin da agogo ya fitar da lambobi shida, duk daƙiƙa 30 su canza. Ba a turo maka komai, wayarka ce take ƙirƙira da kanta. Shi ya sa ba ta buƙatar sim, ba ta buƙatar data, ko kana ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ko ka tsallaka Maraɗi ko ka je Umara layinka bai kama ba, lambar tana nan tana fitowa.

Kyauta ce, sai dai tana buƙatar babbar waya. Mai zare sim da mai welkom bak duk ta gama da su, da sharaɗi ɗaya wanda mutane suke mantawa: bayan ka kunna ta, ka koma ka duba ko shafin har yanzu yana yarda a turo tes a madadinta. In yana yarda, to ƙofar baya tana nan a buɗe, ɓarawon zai danna Try another way ya zaɓi tes. A Google ka shiga Security, 2-Step Verification, ka ga jerin hanyoyin da ke wajen, ka cire lambar wayarka ta kullum ko ka maye ta da layin ɓoye.

Rauninta yana wajen ɗorewa. Makullin a cikin wayar yake, in wayar ta tafi ba ka yi tanadi ba, ba ofishin da za ka je da NIN a dawo maka, kuma mutane da yawa sun rasa shafukansu na kasuwanci a haka, an kai waya gyara an goge ta kakaf. Tanadin guda biyu ne. Na farko backup codes, wato lambobin ajiya da za ka shiga da su in wayar ba ta nan, Google yana ba da guda 10 kowanne lambobi 8 kuma sau ɗaya ake amfani da kowanne, ka kwafe su da biro a takarda ka sa inda kake ajiye takardun fili ko na makaranta, kada ka ɗauki hotonsu ka bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta. Na biyu tun Afrilun 2023 Google Authenticator tana iya ajiye makullan a akawun ɗinka na Google, sabuwar waya in ka shiga za su dawo, wannan sauƙi ne amma yana nufin imel ɗin nan ya zama uwar makullai, dole shi ya fi komai tsaro. Wani ƙaramin abu kuma, in ka ga kana sa lambar daidai ana ce maka ba daidai ba, kusan kullum agogon wayar ne ya kauce, ka je Date and time ka mayar da shi ya riƙa saita kansa.

Mai daɗin baki fa? Yana iya cin ta. Shafin bogi mai kama da na gaske zai karɓi kalmar sirrinka, ya tambayi lambobi shidan, ka sa, su kuma su zuba a shafin gaske kafin daƙiƙa 30 ɗin su cika. Ta ƙara musu wahala amma ba ta rufe ƙofar ba. Sannan yawancin bankunanmu ba sa karɓar wannan manhajar, suna da tasu na'urar token ko manhajarsu, saboda haka wannan hanyar ta imel ce da Facebook da Instagram da X, wato Twitter a da, da makamantansu. X ma tun Maris ɗin 2023 ya daina ba wa wanda ba ya biyan kuɗi damar amfani da tes.

Hanya ta huɗu: passkey ko makullin ƙarfe

Wannan ita kaɗai ce babu wata lamba da za ka karanta wa kowa. Passkey makulli ne da wayarka take ƙirƙira wa kowane shafi nasa, in za ka shiga sai ta ce sa yatsa ko fuska ko lambar buɗe sikirin, ita da shafin su gaisa a tsakaninsu. Makullin a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin, in aka kai ka na bogi ko da kamarsu ɗaya sak, wayar ba za ta miƙa komai ba. Kenan mai daɗin baki ko ya shawo kanka babu abin da za ka ba shi. Apple da Google da Microsoft sun sanar da haɗa kai a kan tsarin a 2022, yanzu Google da WhatsApp da wasu da dama suna karɓa, kuma kyauta ne in wayarka ba tsohuwa ce sosai ba.

Makullin ƙarfen kuma irin su YubiKey ɗan abu ne kamar filas, ana soka shi a waya ko kwamfuta ko a kara shi a bayan waya. Mai arha yana kamawa daga wajen dala 25 zuwa 30, manyan dala 50 zuwa sama, kuma biyu ake saya a ajiye ɗaya a gida domin in guda ɗaya ne ya faɗi a hanya ka shiga uku. Da canjin dala na yanzu ga wahalar samun na gaske, ni dai ban ga dalilin da mai shago zai saya ba. Passkey ɗin waya ya wadatar da yawancinmu. Rauninsa shi ne duk ƙarfinsa ya koma kan lambar buɗe sikirin, in taka 1234 ce ko yaran gida duk sun san ta, to ka rusa ginin da kanka. Kuma shi ma kamar Authenticator, in shafin ya bar tes a matsayin madadin, layinka bai fita daga lissafi ba.

| Hanya | Kuɗi | In waya ta ɓata | Sauƙi | Mai zare sim | Mai welkom bak | Mai daɗin baki |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tes a layin kullum | Kyauta | Ka dawo da layi a ofis | Kowa zai iya | Zai ci, sai in da PIN | Zai ci | Zai ci |
| Layi na daban | Sim, ƙaramar waya, ɗan kati | Bai shafe shi ba | Wahala a farko | Da wuya | Da wuya | Zai ci |
| Authenticator | Kyauta | Sai da backup codes | Sai an koya | Ba zai ci ba in an cire tes | Ba zai ci ba in an cire tes | Zai iya ci |
| Passkey ko makullin ƙarfe | Kyauta, ko dala 25 zuwa sama | Sai da tanadi na biyu | Da sauƙi bayan saiti | Ba zai ci ba in an cire tes | Ba zai ci ba in an cire tes | Ba abin da zai karɓa |

WhatsApp sai na ware masa magana, domin shi lambar waya ce ginshiƙinsa ba yadda za ka cire ta, kuma nan mai daɗin baki ya fi yi mana ɓarna. Salon kusan ɗaya ne kullum, a kira ka da sallama mai kyau a ambaci sunan guruf ɗin da kake ciki da gaske, na masallaci ko na tsofaffin ɗalibai, a ce akwai mitin da za a yi da daddare ta intanet an turo maka lambar shiga ka karanto a sa sunanka. Alhali lambarka suka zuba a WhatsApp ɗin wayarsu, tes ɗin da ya shigo maka na rajista ne, a jikinsa ma an rubuta kada a ba kowa. Kana karantowa naka ya fita, su kuma su bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka suna neman rancen gaggawa. Wani salon kuma a ce ka danna wata lamba mai farawa da `**21*` wai don a gyara maka layi ko a ba ka kyautar data, wannan karkatar da kiranka ne zuwa wayarsu, sai su zaɓi a kira su a faɗa musu lambar maimakon tes. Ka danna `*#21#` ka ga ko an karkatar, `##002#` kuma yana soke duk wata karkatarwa.

Maganin yana Settings, Account, Two-step verification. Ka ƙirƙiri PIN naka mai lambobi shida ka sa imel, daga nan ko sun samu lambar tes ɗin sai an tambaye su wannan. In kuma an riga an ƙwace, ka sake rajista da layinka nan take, lambar tes tana shiga za a fitar da su, sai dai in sun riga ka sa nasu PIN ɗin za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, a wannan tsakanin ka sa wani ya sanar a guruf-guruf kada kowa ya tura kuɗi.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? In iyayenka ne ko kakanni masu ƙaramar waya da akawun ɗaya da ake turo musu fansho ko kuɗin cefane, ka bar su a kan tes, ka zauna da su ka sa wa sim ɗin PIN da za su iya tunawa, ka ajiye PUK ɗin a wajenka, sannan ka ce musu Baba, Inna, duk wanda ya kira ya ce ku karanto lamba ko ya ce daga banki yake ku kashe ku kira ni. Kada ka ɗora musu manhajar da ranar da ta rikice ba ka gari.

In kai ɗan kasuwa ne ko mai POS, ko ke mai sayar da kaya ta waya da lambarki take yawo ko'ina, kuɗin mutane kuma suna kwana a akawun ɗinki, layi na daban ya zama dole, kuma kada katin banki da wayar da ke ɗauke da layin bankin su kwana a jaka ɗaya. Ki ƙara da PIN na WhatsApp tunda nan kwastomominki suke.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai babbar waya wanda rayuwarsa take cikin imel, da mai shafin Facebook ko TikTok da ya sha wahala ya tara mabiya, Authenticator da backup codes a takarda, a fara da imel ɗin kafin komai domin ta nan ake sake saita sauran. Mai yawan tafiya ƙetare ma nan ya dace, amma ya gwada kafin ya tashi, ya sa wayar a Airplane mode ya ga lambar tana fitowa, ya kuma tambayi bankinsa yadda zai samu tasu lambar a can.

Ɗan jarida, ɗan siyasa, mai riƙe da shafin ƙungiya ko asusunta, wato wanda za a iya zama a shirya masa tarko shi kaɗai da sunansa, shi ne passkey ya zama wajibi a kansa, makullin ƙarfe guda biyu kuma kuɗinsu bai ɓaci ba. Ni kaina haɗawa na yi, bankina yana kan layi mai PIN da ke cikin durowa, imel ɗina passkey da Authenticator na cire masa tes gaba ɗaya, WhatsApp yana layin jama'a da PIN ɗinsa. Ƙanwar matata ma yanzu haka take, ranar da ta karɓo layinta daga ofis a mota muka zauna muka sa PIN ɗin kafin mu bar bakin ƙofar, takardar PUK ɗin kuma tana cikin jakar takardun aurenta.